Amsa ga 'yar'uwar da jinin mahaifiyarta ya ƙi hawa

"Salamu alaikum 'yan'uwa. Mahaifiyata na wankin ƙoda sau biyu a sati. Wata biyu ke nan ana yi mata allurar ƙara jini amma PCV ɗinta na nan a 22. Yanzu likita ya ce sai mun yi gwajin ayon. Ba allurar ce ke kawo jinin ba? Wallahi kuɗi sun ƙare, ko in bar gwajin in ƙaro allura?"

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya ba Mama lafiya, ya sa kaffara ne. Ina karanta saƙonki sai da na ajiye waya na share hawaye, don ni ma na taɓa tsayawa da takardar gwajin nan a hannu ina lissafin allura nawa kuɗinta zai saya. Don Allah kada ki bar gwajin ayon ɗin, wato sinadarin ƙarfen da jiki ke haɗa jini da shi. Ni na bari, sati goma muka yi muna zuba kuɗi a rariya.

Maigidana shekararsa ta uku ke nan a kan inji. Lokacin da muka fara, PCV ɗinsa, wato awon yawan jan jini, 21 ne, aka rubuta masa allurar ƙara jinin, eritirofoyetin, mai ƙarfin 4,000 ɗin nan, sau biyu a sati. A takardar har da gwajin ayon, na ninke ta na tura ƙasan jaka. Keken ɗinkina na sayar saboda allurar. Da kuɗi suka ja baya sai wani mai shagon magani ya ce zai riƙa ba ni da sauƙi. Ranar farko na ga daga kanta ya ɗauko ta, ba daga firij ba, a watan Afrilu, zafin Kano kin san shi. Na ce Alhaji ba a sanyi ake ajiye ta ba? Ya yi dariya ya ce Hajiya yanzu aka fito da ita. Sau shida ina saye a wurinsa, kullum yanzu aka fito da ita. Mutumin nan ya san mijina, ya taɓa ganin an riƙo shi ya kasa hawa matakalar shagon, amma ya karɓi kuɗin kekena ya ƙirga a gabana. Har yau in na bi layin a adaidaita sai na kawar da kai. Na bar shi da Allah.

Ranar da ba na mantawa wata Juma'a ce. Ya yi alwala zai miƙe sai ya tafi luu, ya faɗi a bakin rijiya, leɓensa fari fat, yana haki kamar wanda ya yi gudu. Yaranmu na ihu. A asibiti PCV 18. Yayansa ya dube ni a gaban mutane ya ce anya ana yi masa allurar kuwa, ko kuɗin na bin wata hanya? Ni da ko ɗankunne ban bar wa kaina ba. Kwana biyu ban iya haɗiye abinci ba. Jini leda biyu aka ƙara masa, kuma a nan ne wata likita ta zaunar da ni ta tambayi sakamakon ayon, na sunkuyar da kai.

Ga yadda ta fahimtar da ni. A ɓargo ake yin jini, amma ɓargo ba ya tashi aiki sosai sai ƙoda ta aika masa da saƙo, saƙon kuwa shi ne eritirofoyetin. Ƙodar da ta lalace ba ta iya fitar da shi yadda ya isa, shi ya sa jinin masu ciwonmu ke sauka ko da suna cin abinci. Ita allurar, saƙon nan ne kawai aka sa a sirinji, babu jini a cikinta. Abin da ɓargo zai haɗa jan jinin da shi kuwa ayon ne. In babu shi, kamar maigida ne ya yi ta aiko yaro a ɗora tukunya bai aiko da cefane ba. Kuma allurar da kanta tana ƙarar da ɗan ayon da ya rage, tunda tana tura ɓargo ya yi ta ɗiba. Ga jinin da ke maƙalewa a robobin inji duk wanki, ga wanda ake ɗiba don gwaji, duk da ayon suke tafiya.

Gwajin kala biyu ne, ki tabbata an yi duka. Feritin yana nuna abin da ke ajiye a rumbu, TSAT kuma yana nuna wanda ke yawo a jini zai isa ga ɓargo. Na maigidana feritin 64 ne, TSAT kashi 11 cikin ɗari. Ta ce ga mai wankin ƙoda, feritin ƙasa da 200 da TSAT ƙasa da kashi 20 alamar rumbu ya yi ƙasa ne. Kada kuma ki ga feritin ya yi sama ki ce shi ke nan. In akwai ƙwayar cuta a jiki, misali bututun wankin da ake sa wa a wuya ko cinya ya yi ruwa, feritin kan hau, jiki kuma ya kulle ayon ɗin ya hana ɓargo. Akwai wata baiwar Allah da muke layi tare, nata ya haura 600 amma TSAT a ƙasa, sai da aka magance bututun sannan jininta ya motsa.

Mu ta jijiya aka ba shi ayon, miligiram 100 a cikin inji duk wanki, har sau goma. Ƙwayar ayon ta sha ba ta cika shiga jikin mai wanki ba, balle shi da ba ya rabuwa da shayi, ga ƙwayar kalsiyom da yake sha da abinci, duka biyun suna tare ta a hanji. Na koma sayen allura inda zan ga an buɗe firij da idona, ina zuwa da 'yar kula da ƙanƙara. A gida kada ki sa ta wurin da take daskarewa, kada kuma a girgiza ta. In wuta ta daɗe ba a kawo ba gidan maƙociyata mai sola nake kaiwa. Bayan wata ɗaya PCV ya kai 24, a wata na uku 31, kuma ba a ƙara yawan allurar ba ko kaɗan. Ranar da ya taka da ƙafarsa zuwa masallacin unguwa na leƙa ta zaure ina kallonsa har ya sha kwana.

Ki sa ido kan hawan jinin Mama, allurar na iya ɗaga shi. Namu ya taɓa kai 180 sai da aka gyara masa magani. Kada kuma ki matsa sai jininta ya kai na mai lafiya, su likitoci PCV tsakanin 30 da 35 suke nema, in ya wuce sosai akwai haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Ƙarin leda yana ceton rai, ya ceci nawa mijin, amma in kuna da niyyar dashe yawansa na iya sa jiki ya ƙi ƙodar da za a ba shi.

Masu kawo miki ruwan ugu da madara ko dabino wai yana ƙara jini, ki yi godiya ki ajiye, fotasiyom ɗinsu na iya taɓa zuciyar mai wanki. Surukata ta yi fushi da ni sati guda a kan wannan. Ki kuma tambayi Mama a keɓe ko bayan gidanta na yin baƙi, iyayenmu ba sa faɗa, kuma jini kan zurare ta ciki ba a sani ba. In sakamakon ya fito ki turo lambobin biyu nan, amma ki fara kai wa likitanta kafin ranar wanki na gaba.