Bambancin y da en a Faransanci

"Malaminmu ya tambaye ni *Tu as combien de frères ?* Na ce *J'ai trois*, sai ya ce da saura. Me ya rage, kuma yaushe ake sa *y*?"

Abin da ya rage shi ne *en*, domin cikakkiyar amsar ita ce *J'en ai trois*. A Hausa "ina da uku" ta wadatar, amma Faransanci ba ya barin adadi shi kaɗai a irin wannan jimla, dole *en* ta maye gurbin abin da aka ƙirga, ta zo kafin aikatau, adadin kuma ya zauna a ƙarshe. Game da wuri, ka duba kalmar da ta gabaci sunansa: *Je vais à Zinder* takan koma *J'y vais*, amma *Je viens de Zinder* takan koma *J'en viens*, saboda *y* tana maye gurbin *à* da sunan wurin, ita kuwa *en* tana maye gurbin *de* da sunan wurin.

Sharaɗin da na ga ya fi kayar da ɗalibaina shi ne *y* ba ta wakiltar mutum a rubutu. Idan jarrabawa kake tunani, ka rubuta *J'y pense*, idan kuwa mahaifinka ne, *Je pense à lui* ita ce daidai.