Na sayar da mota, ina labarin inshorata?

Tambaya: Ina Kubwa, zan sayar da Corolla ɗina, inshorarta mai cikakkiyar kariya saura wata biyar. Mai saye zai gaje ta ne? Rangwamena na rashin neman diyya fa?

Amsa: Malam, inshora ba ta bin mota kai tsaye, yarjejeniya ce tsakaninka da kamfanin. Idan ka bar wa mai saye takardar da sunanka ya yi hatsari, kamfanin zai iya ƙin biya, domin motar ba taka ba ce yanzu.

Ranar da kuɗi ya shiga hannunka, rubuta wa kamfanin, ka haɗa da takardar ciniki mai kwanan wata, ka mayar musu da satifiket ɗin inshorar. Idan za ka sayi wata mota, roƙe su su mayar da inshorar kan sabuwar motar, ka cika bambancin kuɗi idan ta fi tsada. Wannan ya fi sokewa, don a sokewa ba lallai ka sami kuɗin wata biyar cif ba: misali, in naira 240,000 ka biya na shekara kana sa ran 100,000, amma sukan yanke fiye da haka, in kuma an taɓa biyanka diyya a shekarar, da wuya ka ga ko sisi.

Rangwamen naka ne, ba ya komawa ga mai saye. Karɓi wasiƙar shaidar shekarun da ba ka nemi diyya ba, ka kuma tambaye su iya lokacin da za ta yi aiki.