Jadawalin SFC na tankin haɗa ruwan sukari: me ya sa yake maƙalewa?

"Salam 'yan uwa. Na zana SFC, wato jadawalin matakan aiki, na tankin da ke haɗa ruwa kilo 400 da sukari kilo 600. Wani sa'in sai ya tsaya a matakin cikawa, ruwa na ta zuba. Ko ya wuce ma, sukarin ba ya cika. Ina matsalar?"

Wa alaikumus salam Malam. Fara duba sharaɗin da ke ƙasan matakin cikawa. Idan `Nauyi = 400.0` ka rubuta, to nan gizo ke saƙar. PLC, wato kwamfutar da ke sarrafa aikin, ba ya kallon sikeli ko da yaushe, leƙawa yake yi sau ɗaya a kowane zagaye. Yana iya ganin 399.9, zagaye na gaba ya ga 400.1, shi ke nan sharaɗin ba zai taɓa cika ba. Sai ka yi amfani da `>=`.

Amma kada ka sa 400 ɗin. Mu ɗauka famfonka na zuba kilo 3 a daƙiƙa, bawul kuma sai ya yi daƙiƙa 2 kafin ya rufe ruf. Kusan kilo 6 ke nan za su shiga bayan an ba da umarnin rufewa. Saboda haka a 394 za ka yanke, sannan ka auna haɗi uku ko huɗu ka gyara adadin.

Wannan rarar ruwan ce ke cinye maka sukari. Da zarar ka tsallaka zuwa zuba sukari ka mayar da sikeli sifili, ragowar ruwan da ke bututu sai a lissafa shi a matsayin sukari. Maganinsa mataki ɗaya ne a tsakani, wanda ba ya kunna komai, jira kawai yake har bawul ya nuna ya rufu, sikeli ya natsu:

```
TRANSITION FROM Cika TO Lafawa
  := Nauyi >= 394.0;
END_TRANSITION
TRANSITION FROM Lafawa TO Sukari
  := Bawul_Rufe AND Lafawa.T >= T#5s;
END_TRANSITION
```

Kuma `Bawul_Rufe` ya fito daga makunnin da ke jikin bawul ɗin, ba daga umarninka ba. Umarni daban, rufewa daban.

Kowane matakin da ke jiran awo ka ba shi ƙofar fita ta biyu. Cikawar nan ba ta wuce minti biyu da 'yan daƙiƙu, don haka `Cika.T > T#4m` ya kai ka matakin tsayawa, a rufe komai, ƙararrawa ta kaɗa. In ba haka ba, ranar da wayar sikeli ta tsinke sai ruwa ya malale ƙasa.

Saura alamomin aiki na IEC 61131-3. Bawul ka sa masa `N`, yana mutuwa da kansa idan an bar matakin. Injin juyawa kuwa, tunda zai ratsa matakin sukari da na gaurayawa, `S` ya dace da shi, amma ba ya tsayawa sai ya ga `R`. Kowa yana tuna `R` a matakin kwashewa. Wanda ake mantawa shi ne na matakin tsayawa, sai ka tarar an tsayar da haɗi amma injin na can yana ta juyawa.