Myself ko each other a cike gurbi?

Tambaya: Don Allah a jarrabawar Turanci ina rikicewa wajen cike gurbi, yaushe ake sa themselves, yaushe kuma each other?

Amsa: Ɗan'uwa, ka duba aikin kan wa ya koma. In ya dawo kan mai yin sa, kamar mu ce "sun yanki kansu", to themselves ne, in kuwa musaya aka yi, wannan ya yi wa wancan shi ma ya rama, wato "juna" kenan, sai each other. Misali `Musa and Ali blamed ___`, in kowa ya ɗora wa ɗan'uwansa laifi each other za ka sa. Mutum ɗaya dai ba ya juna, shi ya sa `I cut ___` sai myself. Amma in suna ya biyo gurbin, `I cut ___ finger`, my ake so, nan ne yara ke yawan faɗuwa wallahi.