Shafin da aka cire daga meni bai ɓuya ba

Tambaya: Ni ne daraktan wata 'yar makaranta mai zaman kanta a Tahoua. Za a yi mana shafin intanet, na jera kanun meni 14, wato sunayen da ake latsawa a shiga shafuka, har da na makin ɗalibai. Yaron da zai yi aikin ya ce ya cire na makin daga meni, sai wanda muka ba adireshi zai gani. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Malam, 14 sun yi yawa. Iyaye da salula za su buɗe, kuma ba tarihin makaranta suke nema ba. Kafin a taɓa kwamfuta, ka zauna da sakatarenka ku rubuta tambayoyin da ake zuwa da su ofis, kowace a 'yar takarda guda, sannan ku tara masu kama da juna. Kowane tari shi ne kan meni ɗaya. Yawanci biyar ke fitowa: Accueil, Inscriptions, Calendrier, Annonces, Contact. Kuɗin makaranta da takardun rajista su shiga Inscriptions, ranar komawa aji a Oktoba da hutu su shiga Calendrier. Jawabin darakta, yi haƙuri, ya samu gefe a Accueil. Sai ka miƙa wa wata uwa takardar ka ce ta nemo kuɗin aji shida. In ta yi jim, sunan ne bai fito ba.

Maganar maki kuwa, gara da ka tsaya. Na gaji da jin wannan dabara a bakin masu koyon aiki a kan makarantun mutane. Meni allon nuna hanya ne kawai. Ka tuge allon, ɗakin yana nan a buɗe. Uba ɗaya ya tura adireshin a WhatsApp, shi ke nan, unguwa ta gani. In kuma da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, aka yi, shi da kansa yake jera shafukan da aka wallafa a cikin `wp-sitemap.xml`, inda Google ke karantawa. Wasu su ce sun sa wa shafin kalmar sirri. To, fayil ɗin PDF da aka ɗora yana zaune a `/wp-content/uploads/`, kuma duk mai adireshinsa zai sauke shi ba tare da an tambaye shi komai ba. A ciki akwai sunan yarinya, ranar haihuwarta, ajinta, da sifilin da ta ci a lissafi. Wa zai goge shi daga wayoyin mutane? Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP mai kula da kare bayanan, kuma ƙorafi in ya zo kai zai samu, ba yaron ba.

Gwajin mai sauƙi ne: ka buɗe adireshin fayil ɗin a wayar da ba ta taɓa shiga shafin ba. In ya buɗe, kowa ma zai buɗe.

Ka soke wannan shafin daga tsarin gaba ɗaya. A Annonces a rubuta ranar da iyaye za su zo karɓar sakamako hannu da hannu.