Kafin ka tura wa Babanka saƙon nan

*Baffa, barka da yini. Umma ta ga littafin 'yan Buda a jakata, ta kuma iske ni zaune na rufe ido ina ƙirga numfashi. Yanzu Baba ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa. Wallahi ban bar salla ba, so nake kawai in san yadda wasu addinai suke yin halwarsu. Na rubuta musu dogon saƙo na bayani. A al'adarmu ya dace ɗa ya rubuta wa mahaifinsa irin wannan? In tura?*

Mai sunan Malam, na ga saƙonka bayan isha'i, na yi dariya har Gwaggonka ta leƙo ta ce lafiya. Da na kwanta kuma sai barci ya ƙi zuwa. Kada ka tura tukuna. Bari ka ji abin da Babanka bai taɓa gaya maka ba, alhali yana wurin aka yi shi, da ɗan wandonsa.

A 1975, shekarar da Murtala ya hau mulki, ina makarantar kwana. Lokacin Indiyawa sun cika makarantun Arewa suna koyar da lissafi da kimiyya. Namu malamin lissafin siriri ne, ba ya cin nama, ba ka jin muryarsa sama. Ni nake kai masa littattafan aji da sassafe, sai wata rana na iske shi a baranda zaune bisa tabarma, ya naɗe ƙafafu, baya a miƙe kamar an kafa tabarya, da carbi a hannu. Carbi fa! Ni da nake zaton carbi namu ne mu kaɗai. Da ya gama na roƙi in gani, na ƙirga, ƙwaya 108, ban da babbar da ke kai. Namu 99 ko 33. Ka san halin ɗan shekara goma sha takwas, ƙwayoyin nan tara da suka ƙaru sai da suka hana ni sukuni.

Na yi ta damunsa da tambaya har ya koya mini zaman. Ka zauna, ka sauke kafaɗa, ka shaƙi iska ta hanci, in ka fitar ka ce ɗaya, har zuwa goma, ka koma farko. In hankalinka ya gudu, ka dawo ɗaya ba tare da ka yi fushi da kanka ba. Sai da na yi mako biyu kafin in kai goma ban tuna tuwo ba. A ranar na gane cewa sallar da nake yi tun ina ɗan shekara bakwai, rabinta jikina ne kawai a kan sahu. Wannan ganewar ita ta ruɗe ni, ina jin kai ma ita ce ta kama ka, ba wai sha'awar gunki ba.

Daga baya ya ce in ina so, akwai kalmar da ake maimaitawa da kowace ƙwaya: Ram. Na ce me take nufi? Mutumin kirki ne, bai ɓoye mini ba, ya ce sunan abin bautarsu ne. Ban faɗa ba, amma kuma ban ce masa a'a ba, na ce zan yi tunani.

Da na zo hutu Katsina, Inna ta shigo zaure bayan asuba ta same ni a sanƙare, ido rufe. Ta kira ni sau uku, ni kuwa ina kan bakwai, ba na so in koma ɗaya. Kafin in kai goma ta fasa salati, an kawo garwashi da hayaƙi, wata tsohuwa maƙwabciyarmu tana cewa tun da ta ga yaron nan ya rame ta san iska ce. Da na buɗe baki na ce ai Ba'indiye ne ya koya mini, sai na ƙara wa wutar kara.

Sai na yi irin dabararka. Ina komawa makaranta na zauna na cika shafi huɗu da boko, har da ayar Suratul Hujurati da ta ce an yi mu dangogi da ƙabilu don mu san juna. Na manta abu ɗaya: Babanmu ajami yake karantawa. Wasiƙa na isowa ya miƙa wa wani akawu da ke zaune a zaure, shi kuwa ya gyara murya ya karanta a gaban mutum kusan goma. Da ya zo inda na rubuta "ban bar addinina ba", sai wani dattijo ya ce, "Af, ashe har maganar bari ta taso?" Kafin la'asar labari ya kai Ƙofar Sauri cewa ɗan gidan Malam ya zama Ba'indiye. Babanka ne ma, yana ɗan shekara tara, yara suka riƙa tsokana a makarantar allo har ya yi dambe aka fasa masa leɓe. Ka duba leɓensa na ƙasa, tabon yana nan. Ka ga, ba littafin jakarka kaɗai yake gani ba.

To wasiƙata mutum goma suka ji. Taka fa? Ummanka za ta tura wa yayarta don neman shawara, ita kuma ta tura wa malaminta, kafin azahar ta kai Funtuwa. Ku yaran yanzu komai sai ku danna wa waya, har ta'aziyya.

Babanmu bai dake ni ba. Da na dawo ya sa ni gaba zuwa wajen kakanmu, wanda ka ci sunansa. Tsoho ne, idonsa ya fara shigewa, batijjane na gaske. Na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa, ya bar ni a durƙushe har ya gama laziminsa. Sannan ya ce, "Mi ka gani wajen mutumen?" Na faɗa masa duka. Da na zo kan 108 sai ya yi murmushi, ya ce carbi ai igiya ce da 'ya'yan itace, ba ya salla, ba ya kafirci. Sai ya yi mini tambaya uku, har yau ban samu wadda ta fi su ba: ina ka fuskanta, mi harshenka ke faɗi, a hannun wa ka amsa?

Na ce bango na fuskanta, ɗaya zuwa goma nake cewa, ban karɓi komai a hannun kowa ba. Ya juya wajen Babanmu ya ce, "Ɗanka lissafi yake yi." Amma da na ambaci kalmar nan, fuskarsa ta canza. Ya ce numfashi na Allah ne, kowa ya ga dama ya ƙirga nasa. Suna kuwa kira ne, kuma ba a kiran gidan da ba a son a amsa. Ya ce in duba su ma: laziminsu istigfari 100 ne, salati 100, hailala 100, safe da yamma, babu kalma ɗaya a ciki da Musulmi ba ya faɗa, amma duk da haka ba a ɗaukarsa sai da izinin muƙaddami, kuma wanda ya ɗauka ba ya haɗa shi da wuridin Ƙadiriyya, alhali alƙiblarsu ɗaya. "In na 'yan'uwa ba a gama su a baki guda, ina ga na wani gida?" Ya ce gani ba ci ba ne, amma mai yawan tsayuwa gaban tukubar tsire ya san halin yawunsa.

Shi ya sa nake so ka auna kanka da gaskiya kafin ka auna iyayenka. Karatu daban. Malamanmu na da sun yi shi: Albiruni, kusan shekara dubu da ta wuce, ya koyi harshen malaman Indiya, ya rubuta abin da suka yi imani da shi dalla-dalla, ya mutu Musulmi. Amma abubuwan nan ba duka suke tsirara kamar ƙirga numfashi ba. A motsa jikin yoga akwai wanda sunansa ma gaisuwar rana, tsayuwa da sunkuyo da kifuwa goma sha biyu, bisa al'ada ana fuskantar gabas da hudowarta, daidai lokacin da mu aka hana mu ko nafila don kada mu yi kama da masu yi mata sujada. Kiristocin Gabas suna da igiya mai ƙulli da suke jan gajeruwar addu'a da ita tare da numfashi, in ka gan su sai ka ce 'yan zikiri ne, amma kalmomin suna kiran Annabi Isa ɗan Allah. Kamannin sun fi yawa a zama da shiru. Rabuwar tana cikin kalma, ita kuwa kalmar sau da yawa a wani harshe take, ana ce maka sauti ne kawai mai kwantar da zuciya. Ni nawa malamin ya gaya mini gaskiya. Na cikin wayarka ban san ko yana faɗa ba. Duk abin da aka ce ka maimaita, ka nemi fassararsa tukuna. In kuma ka ga zaman yana yi maka daɗi, asuba tana yi maka nauyi, ko ka fara ganin masu sahu a matsayin waɗanda ba su gane ba, to ka wuce kallo.

Abin da yake yi mini ciwo shi ne, sai da na je wajen Ba'indiye kafin in san kakana yana shiga halwa, kuma yana da abin faɗa a kan halartar zuciya a salla. A gida ɗaya muke kwana! Ban tambaye shi ba sai da rigima ta kai ni, shekara biyu bayan nan ya rasu. Kai da ka tashi a birnin Wali Ɗan Marina da Ɗan Masani, ka san zaman 'yan Buda, amma in na tambaye ka muraƙaba sai ka sosa ƙeya. Ban ɗora maka laifin duka ba. Tun da rigimar Izala da ɗariƙa ta shigo gidaje bayan 1978, mu muka daina zancen nan a gaban yara don kada a tashi daga cin tuwo da gaba. Babanka ya bi nasa ɓangaren, ni na zauna a nawa, muna zumuncinmu. Amma ka sani, mutumin da bandiri ma bai kwanta masa ba, kada ka je masa da cewa ai sufaye ma suna yi.

Batun ko ɗa yana rubuta wa uba, mu dai a da ɗa ba ya yi wa uba bayani, sai dai ya amsa in an tambaye shi, magana mai nauyi kuma baffa ko aminin uba ake ɗora wa. Ko wannan ya dace da zamaninku, Allah masani. Saƙon naka dai ka turo mini shi. In akwai "ban bar addinina ba" a ciki, goge. In akwai aya, ita ma cire ta, ba a ja wa uba aya. Abin da ya rage bai kamata ya wuce layi biyar ba: ga abin da nake karantawa, ga abin da bakina yake faɗa in na zauna, ga abin da ba na yi, ku gafarce ni da na tayar muku da hankali. Ummanka ka fara samu, a ɗakinta, da baki, ka miƙa mata littafin ta ajiye a wajenta in tana so. Asuba kuma ka riga Babanka fita masallaci, kada ka ce masa komai.

Ranar Juma'a in an sauko zan biyo ta gidan. Ka tabbata kana nan, ka shimfiɗa mana tabarma a zaure. Kada ka kuskura ka kalli leɓensa in na fara ba da labarin.