Me ya sa lambar IP ta tsaya a 255

Tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina koyon haɗa kyamarar tsaro a wajen wani ubangida a Ikeja. Jiya na so in ba wa wata kyamara lamba 192.168.1.300, na'urar ta ƙi karɓa sam. Ubangidana ya ce ba a wuce 255, wai saboda kwamfuta da 0 da 1 kawai take ƙirga. Don Allah mene ne haɗin 255 da 0 da 1? Kuma me ya hana ta ƙirga da goma kamar mu?

Wa alaikumus salam ƙanina. Ubangidanka ya faɗa maka daidai, saura dalilin.

Kowane yanki na huɗun nan da ɗigo ya raba, wuri ne mai gurbi takwas. Kowane gurbi ɗayan abu biyu yake ɗauka, ko 0 ko 1, kuma shi ake kira bit. Takwas ɗin a haɗe su ne bayit ɗaya. Lambar IP irin wadda ka rubuta bayit huɗu ce, wato bit 32 ke nan. An rubuta ta da alƙaluman da muka saba ne don idon mutum, amma a cikin na'urar ba haka take ba.

Ka ɗauka kana da sikeli irin na masu awon kaya a Mile 12, da duwatsun awo guda takwas: kilo 128, 64, 32, 16, 8, 4, 2 da 1. Kowane dutse guda ɗaya tak gare ka, ko ka ɗora shi ko ka bar shi a ƙasa. Idan ka ɗora ka rubuta 1, idan ka bari ka rubuta 0. Da waɗannan takwas za ka iya auna kowane nauyi daga sifili zuwa sama ba tare da tsallake ko ɗaya ba, kuma kowane nauyi hanya ɗaya ce kawai ake haɗa shi. Ba sabon abu ba ne a wurinka: a ƙirgarmu ta yau da kullum gurabe suna tafiya ɗaya, goma, ɗari, dubu, kowanne ya ninka na damansa sau goma. A nan ninkin biyu ne kawai.

Mu gwada da 168 na cikin lambar taka. Fara daga babban dutse. 128 ya shiga cikin 168? Ya shiga, rubuta 1, saura 40. 64 ya fi 40, rubuta 0. 32 ya shiga, rubuta 1, saura 8. 16 ya yi yawa, 0. 8 ya shiga cif, rubuta 1, babu saura. Sauran ukun, 4 da 2 da 1, duk 0 ne.

```
128 64 32 16 8 4 2 1
  1  0  1  0 1 0 0 0   = 168
  1  1  0  0 0 0 0 0   = 192
  1  1  1  1 1 1 1 1   = 255
```

Dubi layin ƙarshe da kyau. An ɗora duka duwatsun, babu wanda ya rage a ƙasa, kuma jimlarsu 255. Nan ne iyakar. Idan ka haɗa da sifili, lambobi 256 ke nan bayit ɗaya ke iya ɗauka, wato biyu sau biyu har sau takwas. Ita kuwa 300 tana buƙatar dutse na tara mai nauyin 256, domin 256 da 32 da 8 da 4 ne suka yi ta, a rubuce 100101100. Ƙirga gurabenta, tara ne. Wurin kuma takwas aka yi shi, shi ya sa na'urar ta ƙi.

Akwai hanyar da ake koyarwa a makaranta, ta raba lamba biyu kana ajiye abin da ya yi saura. Tana aiki, amma masu koyo suna yawan karanta sauran daga sama zuwa ƙasa, alhali daga ƙasa ake farawa. Wanda ya juya 168 haka sai ya samu 00010101, wanda 21 ne. Hanyar duwatsun ta fi wuyar ɓata, kuma tana nuna maka dalilin kowane gurbi. Ka riƙe wannan don duba aikinka: idan bit na ƙarshe 1 ne, lambar mara ce, idan 0 ne cika ce. 168 cika ce, don haka duk amsar da ta ƙare da 1 an yi kuskure a cikinta.

A aikinka na kyamara ma ba duka 256 ɗin ne naka ba. Idan layin Subnet mask yana nuna 255.255.255.0, ma'anarsa bit 24 na farko sunan gidan ne, bit takwas na ƙarshe kuma lambar ɗaki. A cikinsu 0 na gidan ne kansa, 255 kuma na aika saƙo ga kowa da kowa a lokaci guda. Saura 1 zuwa 254, kuma galibi rauta ce ke riƙe da 1. Ka zaɓa wa kyamarar wadda ba wata na'ura a kanta, domin idan biyu suka yi tarayya a lamba guda hoto zai riƙa zuwa yana ɗaukewa, ka yi ta zargin waya alhali lafiyarta ƙalau.

To me ya sa biyu? Amsar tana cikin wutar da ke yawo a allon na'urar. Babu wani 0 ko 1 da ke zaune a can ciki, ƙarfin wuta ne kawai a kan siririyar hanya. A tsohon tsarin da ake kira TTL mai bolt 5, duk abin da ya shigo daga sifili zuwa bolt 0.8 ana karanta shi 0, daga bolt 2 zuwa 5 kuma 1. Tsakanin 0.8 da 2 fili ne da aka bari da gangan, ba a so wuta ta zauna a nan. Amfanin filin shi ne wuta ba ta tsayawa cak. Zafi yana taɓa ta, tsawon waya yana rage ta, hanyar da ke maƙwabtaka da ita idan ta kunna ko ta kashe tana girgiza ta. Idan aka aiko da bolt 3.4 ya iso yana 2.9, har yanzu 1 ne, ba a yi asarar komai ba. Abin da ya fi wannan muhimmanci, ɓangaren da ya karɓa ba ya miƙa gajiyayyar wutar gaba. Yana yanke hukunci cewa 1 ne, sannan ya fitar da sabuwar wuta mai cikakken ƙarfi. Haka kuskure yake mutuwa a kowane mataki maimakon ya taru.

Yanzu raba wannan bolt 5 ɗin gida goma don a samu alƙaluma daga 0 zuwa 9. Kowane mataki kusan rabin bolt ke nan. Faɗuwar nan ta rabin bolt da ba ta yi mana komai ba ɗazu, yanzu ta mai da 7 ta koma 6, kuma babu wata alama da za ta nuna an yi kuskure. Duk wanda ke zaune a Agege ko Idi Araba ya san wannan da idonsa: daga bakin layi kana iya gane ko an kawo wuta ko an ɗauke, amma a ce ka dubi ƙwan fitila ka faɗi ko haskensa mataki na shida ne ko na bakwai, nan sai gardama. Ƙwaƙwalwar kwamfutocin yanzu kuwa da wajen bolt ɗaya take aiki, ka ga wurin rabon ya ƙara matsewa. Shi transista kuma, wanda biliyoyinsa ne a ciki, ya fi aminci da ƙarancin zafi idan an buɗe shi gaba ɗaya ko an rufe shi ruf, kamar makunnin bango.

Lissafin ma ya fi sauƙin ginawa. Teburin tarawa na goma yana da gida ɗari da sai an haddace. Na biyu gida huɗu ne: 0 da 0 sifili, 0 da 1 ɗaya, 1 da 0 ɗaya, 1 da 1 kuma a rubuta 0 a riƙe 1. Transista kaɗan ne ke yin wannan, sai a jera irinsa sau takwas ko 32 ko 64. Abin da aka biya shi ne tsawo, tunda lambar da muke rubutawa da alƙaluma uku tana iya cin bit goma. Na'ura ba ta gajiya da tsawo, don haka cinikin ya yi riba.

Kada ka ɗauka ba a gwada wata hanyar ba. ENIAC, wadda aka kammala a Amurka a 1945, da goma take ƙirga, sai dai kowane alƙalami guda yana cin jerin da'irori goma, kowace ita ma kunne ko kashe ce. A 1958 an gina Setun a Jami'ar Mosko mai ƙirga da uku, ta yi aiki, amma ba ta yaɗu ba. Har yau ana yin matakai da yawa inda ake neman cusa kaya a ƙaramin wuri: ma'ajiyar bayanan kwamfuta da aka rubuta wa TLC tana bambanta matakan wuta takwas a gurbi guda, QLC kuma 16. Sun fi araha, amma sun fi saurin gajiya da rubutu, kuma sai da dabarun gyaran kuskure suke tsayawa, saboda wancan matsewar da na bayyana.

Kyamararka ta kyauta maka da ta ƙi karɓa. Inda matsalar take ciwo shi ne inda ba a ƙi ba. Idan ka fara rubuta manhaja, musamman ta ƙananan alluna irin Arduino, za ka haɗu da wannan, inda `uint8_t` ke nufin wuri mai bit takwas:

```c
uint8_t n = 255;
n = n + 1;   // 0
n = 300;     // 44
```

255 da 1 ya kamata su ba da 256, a rubuce 100000000, amma bit na tara ba shi da wurin zama, sai ya faɗi, a bar sifili takwas. Kamar mitar tafiyar tsohuwar mota ce da ta cika tara-tara ta koma sifili. 300 kuma ta rasa dutsenta na 256, saura 32 da 8 da 4, wato 44. Na'ura mai ƙirga mutanen da suka shiga shago za ta yi aiki lafiya har ranar da aka yi ciniki sosai, ranar ce za ta ce mutum 44 suka zo. Yadda ake gane wannan ciwon: ɗauki amsar da ta dace, cire wadda na'urar ta bayar. Idan bambancin 256 ne, ko 512, ko wani ninkinsa, bayit ne ya cika ya zube. Idan 65536 ne, wuri mai bit 16 ne ya cika. Maganin shi ne a zaɓi wuri mai faɗi tun farko, `uint16_t` da ke kaiwa 65535, ko `uint32_t` da ya haura biliyan huɗu.

Wani lokacin kuma za ka ga lamba ta koma ƙasa da sifili ba gaira ba dalili. Wannan yana faruwa ne idan ɓangare ɗaya ya ajiye bayit a matsayin 0 zuwa 255, ɗayan kuma ya karanta shi da tsarin da babban dutsen yake matsayin bashi, wato a cire 128 maimakon a ƙara. 200 a rubuce 11001000 ne. A karatu na biyu 64 da 8 sun yi 72, a cire 128, ya zama -56. Bit ɗin ba su canza ba ko ɗaya, mai karatun ne ya bambanta.

Don hannunka ya faɗa, buɗe Calculator a kwamfutar shagonku, ka zaɓi Programmer, ka rubuta lamba a DEC ka dubi layin BIN. Amma ka fara yi a takarda kafin ka duba. Gwada da 10, da 100, da 172, da 254, sannan ka gwada 240 da 252, domin waɗannan biyun za ka riƙa cin karo da su a layin Subnet mask idan kuka fara haɗa manyan gine-gine.